Cokali ɗaya, amma wane cokali?

Wata ma'aikaciyar jinya a wani ƙaramin asibitin karkara ta nuna min kwafin wasiƙar da ta aika wa wani kamfanin fassara. Shafi ɗaya ce, babu zagi a cikinta, amma mai karatu zai ji zafin da ke zuciyar wadda ta rubuta. Asibitin ne ya ba kamfanin aikin mayar da umarnin shan magunguna zuwa Hausa, aka buga a 'yan takardu ana liƙawa a jikin kwalabe, domin iyayen da ba sa jin Turanci. Kalma ɗaya ce ta jawo wasiƙar: cokali.

Maganin shi ne farasitamol na ruwa da ake ba yara idan zazzaɓi ya kama su, irin mai miligiram 120 a cikin kowane mililita 5. Umarnin asali ya ce a ba yaro cokalin shayi ɗaya, wato mililita 5. Mai fassara ya rubuta "cokali ɗaya", ya zubar da shayin, ya zubar da lambar. A gidan Bahaushe kuwa, idan aka ce cokali, hannu babba yake ɗaukowa, na cin shinkafa, wanda zai iya cin mililita 15.

Ta yi musu lissafin a cikin wasiƙar, kuma nan ne ƙarfinta yake. Yaron da uwarsa ta dawo da shi yana amai nauyinsa kilo 10 ne. Irin wannan yaro bai kamata ya wuce miligiram 150 a sha ɗaya ba, ko 600 a cikin awa 24. Da babban cokali yana shan 360 a lokaci guda. Idan aka ba shi sau huɗu, ya sha 1,440 ke nan, fiye da ninki biyu na iyakarsa. Abin da ke sa ma'aikatan lafiya tsoron wannan magani shi ne, idan ya yi yawa hanta yake taɓawa, kuma a ɓoye. Da farko sai dai amai da ƙin cin abinci, waɗanda uwa za ta ɗauka ciwon ne bai sake shi ba, ta ƙara masa wani cokalin. Idon yaro kan yi rawaya ne sai bayan kwana biyu ko uku, lokacin ɓarna ta yi nisa. Wannan yaron dai an tarbi abin da wuri, domin malamar ta ce wa uwar ta kwatanta mata cokalin da take aunawa da shi.

Akwai kuskure na biyu, wanda ni a ganina ya fi na farko wuyar kamawa. Asalin rubutun gargaɗi ne: kada a wuce sau huɗu cikin awa 24. Fassarar ta ce "sau huɗu a rana". Iyaka ta koma umarni. Ga shi kuma rana a bakinmu tana iya ƙarewa da faɗuwarta, don haka uwar da ɗanta ya farka da zafin jiki cikin dare ba za ta ga laifin ƙara na biyar ba.

Irin wannan tuntuɓe ba a Hausa kaɗai yake ba. A 2010 mujallar likitocin yara ta Pediatrics ta buga wani bincike kan shagunan magani na unguwar Bronx a birnin New York, inda aka duba takardun magani 76 da manhajojin kwamfuta suka fassara zuwa Sifaniyanci, aka sami kuskure a rabinsu. Kalmar Turanci mai nufin "sau ɗaya" haruffanta ɗaya ne da kalmar Sifaniyanci mai nufin goma sha ɗaya, kuma wasu takardun sun bar ta yadda take.

Malamar ba ta nemi diyya ba. Ta rubuta sunan maganin da ƙarfinsa, ta jera jimlar asali da fassarar kusa da juna, ta haɗa da hoton kwalbar. Sannan ta nemi a janye duk takardun da aka buga, a sake rubutawa "ƙaramin cokalin shayi ɗaya, mililita 5, da ma'aunin da ya zo tare da kwalbar". Ta kuma nemi wani mai fassarar daban, wanda bai ga asalin ba, ya mayar da Hausar zuwa Turanci a gwada su, kafin mai haɗa magunguna ya sa hannu. Abin da ta fi nanatawa shi ne a karanta wa iyaye mata takardar, a miƙa musu kwalba da cokula, a ga wanne za su ɗauka.

Kafin amsar kamfanin ta iso, ita da abokan aikinta sun ɓare takardun da hannu, suna ba kowace uwa sirinjin awo mai alama a kan mililita 5. Mai karatu, idan an ba ka maganin yaro na ruwa, kada ka bar wurin sai an nuna maka layin da za ka tsaya a jikin ma'aunin.