Ga kuɗi a asusu, amma kati ya ƙi biya: me lambar rasit ke faɗa?

Idan aka zura kati a na'urar POS, ba ita ke yanke hukunci ba. Saƙo take aikawa ta hannun kamfanonin da ke haɗa bankuna, irin su Interswitch da NIBSS, har ya isa bankin mai katin. Bankin ne zai amince ko ya ƙi, sai amsarsa ta dawo da lamba biyu da ake bugawa a rasit. Wanda ya iya karanta lambar nan ya san inda matsalar take.

A ɗauki misalin magidanci mai naira 60,000 a asusu, ya yi sayayyar naira 40,000 a kanti. Karon farko rasit ya fito da 91, wato "Issuer or switch inoperative": amsar banki ba ta iso kan lokaci ba. Wani lokaci saƙon ya riga ya isa, bankin ya riƙe kuɗin, amsar ce ta ɓata a hanya. Mai kanti ya ce a sake gwadawa, sai ga 51, "Insufficient funds". Bankin bai yi ƙarya ba, domin abin da ya rage wanda za a iya taɓawa naira 20,000 ne kawai. Shi ya sa bayan 91 ya kamata mutum ya duba asusunsa kafin ya sake miƙa kati. In an cire, ya adana rasit ɗin ya kai ƙorafi bankinsa, ba wurin mai kanti ba. Ƙa'idar da Babban Bankin Najeriya ya fitar a 2020 ta ba bankuna awa 72 su mayar da irin wannan kuɗi.

Lamba 61 kuwa na nufin an wuce iyakar da aka ƙayyade wa katin a rana, ko da miliyoyi ne a ajiye. Sai a jira gobe, ko a nemi banki ya ɗaga iyakar. Lamba 57 akan ci karo da ita a sayayyar intanet: ba a buɗe wa katin wannan hanya ba, ko kuma shagon na ƙasar waje ne, bankin bai yarda a biya shi da katin naira ba.

Wadda ta fi ɗaure kai ita ce 05, "Do not honor", domin ba ta faɗin dalili. Sau da yawa tsarin tsaron banki ne ya ga ciniki da bai saba gani ba, ko an sa wa asusun takunkumi saboda bayanan BVN ba su daidaita ba. Maimaita gwaji ba ya warware wannan, yana ma iya ƙara wa bankin zargi. A kira lambar da ke bayan katin, a faɗi ranar cinikin da adadin kuɗin. Amma lambar sirri da OTP, ko ma'aikacin banki ba a faɗa masa.