Idan waya ta ce ba ta yarda da sabar imel ɗinka ba

Wanda ya taɓa saka imel ɗin ofis a wayarsa zai iya tuna wannan. Ka rubuta adireshi, ka saka kalmar sirri, sai wani gargaɗi ya fito da Turanci. A iPhone yakan ce "Cannot Verify Server Identity". A Outlook na kwamfuta yakan ce satifiket ɗin sabar bai tabbata ba, ya tambaye ka ko za ka ci gaba, Yes ko No. Yawancin mutane suna danna na ci gaba ne don kawai abin ya kauce musu daga fuska. Ni kuwa ina ganin tambayar ta cancanci minti biyar, domin a daidai lokacin da ta fito kalmar sirrinka ba ta bar wayar ba tukuna. Amsarka ce za ta sake ta ko ta riƙe ta.

Ga yadda abin yake. Kafin manhajar imel ta miƙa kalmar sirri ga saba, wato babbar kwamfutar da ke ajiye wasiƙunka, sai sabar ta fara nuna takardar shaidarta, wadda ake kira satifiket. Kamar katin shaida take: akwai sunan mai ita, akwai hukumar da ta bayar, akwai ranar farawa da ranar ƙarewa. Wayarka tana ɗauke da jerin hukumomin da ta amince da sa hannunsu, irin su DigiCert da Let's Encrypt. Sai ta duba ko sunan da ke takardar ya dace da sunan sabar da ka rubuta, ko takardar tana cikin wa'adinta, ko kuma sa hannun ya fito daga hukumar da ta sani. Ɗaya ya kuskure, gargaɗi ya fito.

A ɗauki misalin akawun wata ƙaramar makaranta da aka buɗe wa imel. An ce masa ya rubuta `mail.example.com` a matsayin saba, da lamba 993 don karɓar saƙo. Gargaɗi ya fito. Maimakon ya wuce, sai ya danna Details, ya ga takardar tana cikin wa'adi, sananniyar hukuma ce ta ba da ita, amma sunan da ke jiki `server12.example.net` ne. Wannan ya zama ruwan dare ga ƙananan ma'aikatu, saboda kamfanin da ke ba su hayar saba yakan tara ɗaruruwan kwastomomi a kan na'ura guda, takardar kuma da sunan kamfanin aka yi ta, ba da sunan makarantar ba.

Mai yiwuwa babu wani mugu a tsakani. Sai dai wayar ba ta da hanyar bambance sakacin mai saba da aikin ɓarawo, don haka ta mayar da tambayar ga ɗan Adam. Abin da ya kamata akawun ya yi shi ne ya danna Cancel, ya kira wanda ya haɗa musu imel ɗin ya ce, "Malam, wane suna ne daidai na sabar?" Idan aka tabbatar masa `server12.example.net` ne, sai ya canza sunan a saitin karɓa da na turawa, gargaɗin ya tafi da kansa. Kada ya kwafi sunan daga jikin gargaɗin ba tare da ya tambaya ba, domin in ɓarawo ne ya gabatar da takardar, sunan sabarsa ke nan ya kwafa.

To me karɓa take nufi? Mutane da dama suna zaton idan suka ci gaba, saƙon zai tafi a buɗe. A ɓoye zai tafi, amma ba ka san wa ke riƙe da ɗaya bakin ba. Idan wani ya shiga tsakaninka da sabar, misali ta waifai na otal ko na filin jirgi da ya kafa da sunan bogi, shi za ka miƙa wa kalmar sirrin kai tsaye. Zai iya tura saƙonninka gaba zuwa sabar gaskiya, imel ɗinka ya riƙa shigowa lafiya, ba ka ga alamar komai ba. Wanda kuma ya mallaki imel ɗinka yana iya neman a sauya kalmar sirrin sauran asusunka da ke rataye da shi.

Akwai wani abu kuma da ba a cika lura da shi ba. Manhajar imel ba sau ɗaya take shiga ba, tana komawa sabar da kanta a kai a kai, dare da rana. A Thunderbird, tagar "Add Security Exception" tana da wani akwati mai cewa "Permanently store this exception". Idan ka bar shi da alama, ka ce wa manhajar ta yarda da wannan takardar daga yau ba tare da ta sake tambayarka ba.

Ƙin karɓa kuwa asararsa kaɗan ce. Asusun ba zai haɗu ba, shi ke nan. Wasiƙunka suna nan a saba, ba a goge ko ɗaya ba, kuma sau da yawa za ka iya karanta su ta shafin imel ɗin a burauza kafin a gyara. Abin da na fi tsoro shi ne shawarar da wasu masu gyaran waya ke bayarwa, cewa a kashe "Use SSL" don gargaɗin ya daina damu. Zai daina, amma daga nan kalmar sirri da wasiƙu na iya tafiya a fili, duk wanda ke kan hanyar ya karanta. Wannan ya fi karɓar gargaɗin muni.

Wani lokaci laifin daga wayarka ne. Idan batir ya mutu har kwanan wata ya koma baya, takarda mai kyau sai ta zama kamar wadda lokacinta bai zo ba, don haka fara da duba agogo. Tsohuwar waya ma takan rasa sababbin hukumomi a jerinta. A ranar 30 ga Satumba, 2021, wata tsohuwar babbar takarda mai suna DST Root CA X3 ta ƙare, na'urori da yawa da suka daɗe ba a sabunta su ba suka fara gargaɗi a kan sabobin da lafiyarsu ƙalau. Idan kuwa ranar ƙarewar takardar jiya ce ko shekaranjiya, galibi mai saba ne ya makara. Let's Encrypt ta daɗe tana ba da takardun kwana 90, in na'urar sabuntawa ta tsaya sai wa'adi ya cika ba a sani ba. Aikinsa ne ya gyara, naka ka sanar da shi.

Gwaji mafi sauƙi shi ne ka kashe waifai ka koma datar layinka. In gargaɗin ya ɓace, matsalar tana wannan waifai ɗin, wataƙila shafin shigarsu ne ya tare hanya, wataƙila kuma abin ya fi haka. Asusun da ya shekara yana aiki lafiya, sai ya fara gargaɗi a baƙon wuri, kada ka karɓa. Haka idan sabar ta babban kamfani ce irin `imap.gmail.com`, agogonka kuma daidai yake.

Wuri ɗaya ne nake ganin karɓa tana da hujja: ma'aikatar da ta yi wa sabarta takarda da kanta ba tare da wata hukuma ba. A nan ka nemi mai kula da kwamfutocinku ya ba ka lambar tantancewar takardar, wadda ake nunawa da sunan SHA-256, haruffa da lambobi 64, baki da baki ko a rubuce a takarda. Ka gwada ta da wadda ke allonka. In sun yi daidai, ka karɓa.

Wanda ya riga ya danna ci gaba a waifai da bai sani ba, ya koma data, ya sauya kalmar sirri nan take, ya duba ko an saita tura wasiƙunsa zuwa wani adireshi. Sannan ya cire asusun daga wayar ya sake saka shi, ko a Thunderbird ya shiga Manage Certificates, sashen Servers, ya goge izinin da ya bayar.