Ƙayyade Kuɗin Ciyar da Yara Idan Uba Ba Shi da Albashi

Ciyar da yaro bayan mutuwar aure, wanda malamai ke kira nafaƙa, tana kan uba ne ko da yaron yana hannun uwarsa. A mazhabar Malikiyya, wadda ake bi a ƙasar Damagaram, nauyin ɗa namiji yana kan mahaifinsa har ya balaga ya iya neman na kansa, na 'ya mace kuwa har ta tare a ɗakin miji. Abin da ke ciki shi ne ci da sha da sutura da wurin kwana. Wannan ba a cika jayayya a kansa ba. Inda ake kai ruwa rana shi ne adadi. Ma'aikacin gwamnati ana duba takardar albashinsa a yanke wani kaso. Amma a gundumomin Magarya da Dungas mafi yawan magidanta manoma ne, 'yan ci-rani, 'yan kabu-kabu, dillalan dabbobi da masu tireda, waɗanda su kansu ba za su iya faɗin abin da suke samu a wata ba.

Nijar ba ta da kundin dokar iyali. An yi yunƙurin kafa shi a 1993 da 2011, duka bai yiwu ba. Dokar tsarin shari'a ta bar sha'anin aure da saki da 'ya'ya a hannun al'adar masu ƙara, al'adar kuma a wannan yanki cuɗe take da fiƙihu. Saboda haka maganar kan fara ne a zauren maigari ko fadar sarki, waɗanda doka ta ba ikon sulhu, in ta faskara a wuce gaban alƙali a gidan shari'a, inda yake zama tare da masana al'ada. Babu wani jadawali da zai ce yaro ɗaya kaza ne, biyu kaza. Ma'aunin da ake da shi shi ne na Suratuɗ Ɗalaƙ, aya ta 7, cewa kowa ya ciyar gwargwadon ƙarfinsa. Aikin mai sulhu ke nan ya gano ƙarfin.

Kuskuren da aka fi yi shi ne tambayar uba nawa yake samu a wata. Manomi ba ya rayuwa da wata, da shekara yake rayuwa. Wanda aka tambaya a watan Nuwamba, rumbu cike, wake da riɗi na jiran kasuwa, zai yi kama da mai hali. Shi ɗin dai in aka tambaye shi a watan Yuli, tsakiyar damina, hatsi ya ƙare kuma sabo bai nuna ba, rantsuwa zai yi cewa ba shi da ko dala, kuma ba ƙarya ya yi ba. Adadin da aka yanke da kaka yakan gagare shi, wanda aka yanke da damina yakan cuci yaran. Malaman fiƙihu sun san wannan tun da daɗewa: Muktasar na Halil, da yake magana kan ciyar da mata, ya bar lokacin biya ya bi yanayin samun miji, ko kullum, ko mako, ko wata, ko shekara. Wannan ƙa'ida ta dace da ciyar da yara ƙwarai.

Lissafin yana farawa ne daga buƙatar yaran, kuma da tiya ake fara shi kafin a zo ga kuɗi. Tiyar gero kusan kilo biyu da rabi ce, buhu mai kilo 100 yana cin tiya 40. A ɗauki misalin wata mata da aka saka a wani ƙauye na ƙasar Dungas, da yara biyu, mai shekara shida da mai shekara uku. A ce su biyun suna cin tiya ɗaya a kwana uku, wato tiya 10 a wata, 120 a shekara, buhu uku ke nan. Cefane da sabulu a ce jika 5 a wata, jika 60 a shekara. Kayan sallah biyu da na makaranta jika 15. Buƙatarsu ta tashi buhu uku na gero da jika 75. Alƙaluman misali ne kawai, kowane gida da nasa.

Sai a juya ga uban. Ba amfanin bana kaɗai ake dubawa ba, ana tambayar damina uku. A ce ya samu dami 80 bara waccan, 40 bara, 60 bana. Tsaka-tsakinsu dami 60. Dami ba ma'auni ba ne tsayayye, don na wani ya fi na wani, shi ya sa ake sussuke biyu ko uku a auna a gaban shaidu. In kowane ya ba da tiya 6, gonar tana ba da tiya 360. A fitar da zakka, ɗaya bisa goma, tiya 36, a fitar da iri da bashin da aka ci da damina, tiya 24. Saura 300. Wannan ne abin rabo, ba 360 ba.

Rabon kuma yana bin bakunan da ke kansa. Yana da wata mata a gida da 'ya'ya biyu, ga tsohuwar mahaifiyarsa da ba ta da mai ciyar da ita sai shi. Manya uku ke nan har da shi, yara huɗu har da na wajen wadda aka saka. In aka lissafa babba kaso ɗaya, yaro rabin kaso, an samu kaso biyar, kowane tiya 60. Yaran nan biyu suna da kaso ɗaya, tiya 60, rabin abin da suke ci. Wannan ba abin mamaki ba ne a yankin, domin gidaje da yawa noman da suke yi ba ya kai su wata damina.

Gibin daga kuɗin hannu ake cike shi. Mutumin ya sayar da wake da riɗi ya samu jika 100 bayan ya cire taki da kuɗin ƙwadago, kuma yakan tafi ci-rani Kano wata biyar ya dawo da abin da ya kai jika 200. Ɗaya bisa biyar na jika 300 shi ne jika 60. In aka sayi sauran tiya 60 ɗin da kaka, tiya tana dala ɗari, jika 30 ta ishe su, a bar jika 30 don cefane. In aka jira sai damina, tiya ta kai dala ɗari da tamanin, hatsin kaɗai zai lashe jika 54. Lokacin biya a nan ya yi daidai da adadin wajen muhimmanci. Sulhun da ya dace da wannan gida shi ne buhu uku a kai wa uwar kafin ƙarshen Disamba, jika 30 kuma a raba ta biyu, rabi lokacin da ya aiko daga ci-rani, rabi ranar da ya dawo.

Jika 30 ba ta kai rabin 75 da aka lissafa ba, kuma bai kamata a ɓoye wannan ba. Lissafin bai yi alkawarin wadata ba. Abin da ya tabbatar shi ne kada 'ya'yan wadda ta fita su fi na wadda ke ciki jin yunwa. Akwai ma hujjar a ɗan ƙara musu, tunda tukunya biyu ta fi ɗaya cin itace da mai. Hanyar ƙarin ita ce a ɗora kaso a kan samun da ba a san ranar zuwansa ba: duk ranar da ya sayar da ragon turka ko ya yanke rake a fadama, ɗaya bisa biyar na ribar na yaran ne. Magani kuma a ware shi daban, uba ya biya idan ciwo ya zo. Tun 2006 gwamnati ta ce kula da yara 'yan ƙasa da shekara biyar kyauta ne a likita, amma sau da yawa akan rubuta magani a ce a saya a waje, kuma zazzaɓin cizon sauro yana tsananta ne daidai lokacin da rumbu ya bushe.

Wanda ba manomi ba, sai a bi tafiyar sana'arsa. Ɗan kabu-kabu ana lissafa masa mako cikakke, har da ranar kasuwa, a cire mai da gyara da kuɗin mai babur, sannan ya riƙa biya mako-mako, don kuɗin da ke shigowa kullum ba ya kwana har ƙarshen wata. Dillalin da ke cin kasuwar Maigatari ta ranar Alhamis, biyansa ya dace da Juma'a, kuma a tuna cewa la'adar gab da babbar sallah ta fi ta sauran watanni nesa ba kusa ba. Idan mutum ya ƙi faɗin gaskiya, rayuwarsa takan faɗa. Zubin adashi shaida ne mai ƙarfi, domin wanda ke zuba jika biyu duk mako ba tare da fashi ba ya nuna yana da rarar jika biyu. Haka sabon babur, da shanun da aka ba makiyayi kiwo, da lefen sabon aure. Ta ɗaya ɓangaren kuma, jarin ɗan tireda ba riba ba ne, shanun huɗa da amalanke kayan aiki ne. Tilasta sayar da su yakan biya kuɗin bana ya kashe na baɗi.

Kusancin iyaka ya ƙara wata matsala. Yawancin 'yan ci-ranin yankin naira suke samu, alhali hatsi da magani da sefa ake ƙiyasta su. Bayan faɗuwar naira daga watan Yunin 2023, da rufe iyaka daga Agustan 2023 zuwa Maris na 2024, wanda aka yanke wa adadi da naira ya ci gaba da biya cif, amma kuɗin ba ya sayen hatsin da yake saya a da, wanda aka yanke wa da sefa kuwa nauyin ya yi masa yawa. Yarjejeniyar da aka rubuta da tiya ba ta gamu da wannan ba, domin tiya tiya ce. Shi ya sa ya fi kyau a rubuta hatsi da ma'auninsa, a ce in da kuɗi za a biya, a bi farashin kasuwar garin na ranar biya. A kuma rubuta cewa za a sake zama duk kaka, ko idan fari ya yi, ko yaro ya shiga makaranta.

Saura maganar bashi, wadda mata da yawa ke yin asara a kanta. A Malikiyya ciyarwar yaro ta kwanakin da suka wuce ba ta zama bashi a kan uba haka kawai, sai in alƙali ya riga ya yanke ta, ko kuma wanda ya ciyar ya yi ne da niyyar a biya shi ba don kyauta ba. Uwar da ta yi shekara biyu tana sayar da ƙuli-ƙuli tana ciyar da yara shiru, tana iya zuwa gaban alƙali ta tarar babu abin karɓa na baya. Don haka akan so ta kafa shaidu tun farko cewa ciyarwar da take yi rance ce, sulhun fada kuma a rubuta shi a takarda, a kai gidan shari'a a tabbatar da shi. Uban ma takarda ce kariyarsa: buhun da ya kai a auna shi gaban mutum biyu, kuɗin da ya aiko ta Nita ko Al Izza a ajiye rasiɗinsa. Abin da aka damƙa wa direban mota ko ɗan saƙo ba tare da shaida ba, in uwar ta ce bai iso ba, uban ne zai kawo hujjar cewa ya biya.