Gashi a Sama, Ramuka a Ƙasa: Yadda Ake Bambance Hanji Biyu a Madubin Likita

Duk wanda ya taɓa wanke kayan ciki ranar layya ya san hanji ba iri ɗaya ba ne. Akwai siriri mai tsawon gaske, akwai mai kauri wanda kashi ke taruwa a cikinsa. Haka abin yake a jikin ɗan Adam. Ƙaramin hanji yakan kai kusan mita 6, amma faɗinsa bai wuce santimita 2 da rabi zuwa 3 ba. Babban hanji kuwa mita 1 da rabi ne kacal, sai dai ya ninka ɗan'uwansa faɗi. Wannan ido ke gani. Ainihin bambancinsu yana jikin shimfiɗar da ta lulluɓe su ta ciki, kuma sai an sa ta a madubin likita, wato makuroskof, ake ganinsa.

Kafin a kai ga madubi akwai aiki. Likita zai sa bututu mai kyamara ya tsinko ɗan nama daga cikin hanji, wanda bai fi milimita 2 ko 3 ba. A ɗakin gwaji za a jiƙa shi a fomalin don kada ya ruɓe, a zare masa ruwa, a daskarar da shi cikin kaki, sannan a yanka shi siriri ƙwarai, har sai an haɗa yanka kusan 200 kafin a sami kaurin milimita 1. Daga nan a shimfiɗa yankan a kan gilashi, a zuba masa rini iri biyu. Ɗaya yana mai da tsakiyar kowace ƙwayar halitta shuɗiya mai duhu, ɗayan yana mai da sauran jikinta ruwan hoda.

A ɗauka an miƙa wa ɗalibar likitanci irin wannan gilashi, takardar da ke jikinsa ta ɓace, aka ce ta faɗi daga wane hanji aka tsinko naman. Abu na farko da za ta duba shi ne bakin shimfiɗar, ɓangaren da abinci ke gogawa. Idan ta ga wasu tsirai masu siffar yatsu sun miƙe tsaye a jere, to ƙaramin hanji ne. Likitoci na kiran waɗannan tsirai bilai. Tsawon kowane ɗaya rabin milimita ne zuwa milimita 1, kuma sun cika ƙaramin hanji maƙil tun daga farkonsa har ƙarshensa, kamar gashin tawul. Amfaninsu ma irin na gashin tawul ɗin ne: kyalle mai santsi ba ya shan ruwa sosai, mai gashi kuwa yana sha, domin fuskar da ke taɓa ruwan ta ƙaru.

Ƙaramin hanji ya ƙara wa kansa fili ta hanya uku. Bangonsa yana da naɗe-naɗe da ido ke iya gani. A kan naɗe-naɗen akwai bilai. Sannan kowace ƙwayar halitta da ke lulluɓe da bilai tana da nata ƙananan gashi dubbai a samanta, waɗanda a madubi na yau da kullum sai dai a ga alamarsu kamar wani layi mai kauri. Tsofaffin littattafai sun sha cewa idan aka baje wannan fili zai kai girman filin wasan tanis. Wasu masana biyu a ƙasar Suwidin sun sake lissafin a 2014, suka sami kimanin murabba'in mita 30. Babban hanji a lissafin nasu murabba'in mita 2 ne kawai.

Idan ɗalibar ta ƙara ƙarfin madubi ta leƙa cikin tsiro guda, za ta ga dalilin wannan wahala duka. A tsakiyarsa akwai ƙananan jijiyoyin jini da ke kwashe sukari da narkakken furotin su kai hanta. Akwai kuma wani bututu guda mai kan toshe wanda aikinsa ɗaukar maiƙo, shi ya sa bayan an ci abinci mai mai yakan cika da farin ruwa kamar madara. Tsakanin abinci da waɗannan hanyoyi babu komai sai jeri ɗaya na ƙwayoyin halitta. A jikin ƙananan gashin nan ne kuma sinadaran da ke ƙarasa narkar da abinci suke maƙale, ciki har da wanda ke fasa sukarin nono.

To idan ta duba ta ga bakin shimfiɗar a miƙe yake sumul, babu tsiro ko ɗaya, sai dogayen ramuka madaidaita da suka nutsa ƙasa a jere, kusa da kusa, wannan babban hanji ne. Lafiyayyen babban hanji ba shi da bilai sam. Ramukan suna ɗauke da sunan Johann Lieberkühn, Bajamushen da ya yi bayaninsu a 1745. Ƙaramin hanji ma yana da su a gindin bilai, sai dai nasa gajeru ne, tsawon tsiro yakan ninka zurfin rami sau 3 zuwa 5. A ƙasan waɗannan ramuka ake haifar sababbin ƙwayoyin halitta, su riƙa hawa sama har su faɗi, ta yadda shimfiɗar hanji ke sabunta kanta cikin 'yan kwanaki, a ƙaramin hanji kwana 3 zuwa 5.

Me ya sa babban hanji bai damu da tsirai ba? Kafin abinci ya iso gare shi an riga an tatse amfaninsa. A kullum kusan lita 9 na ruwa ke bi ta ƙaramin hanji, idan aka haɗa abin da mutum ya sha da miyau da ruwan ciki da na matsarmama da sauransu. Ƙaramin hanjin ne ke shanye mafi yawa, ya bar wa babba kamar lita 1 da rabi. Shi kuma ya tsotse ruwa da gishirin da ya rage, har abin da ke fita da kashi bai wuce mililita 100 zuwa 200 ba. Wannan aiki ba ya buƙatar fili mai yawa. Abin da yake buƙata shi ne kariya, domin abin da ke wucewa ta cikinsa ƙara tauri yake yi, ga kuma ƙwayoyin bakteriya da yawansu ya fi na ko'ina a jiki.

A nan ne alama ta biyu ta shigo, wato ƙwayoyin majina, waɗanda ake kira gobilet. Kowace ɗaya tana da siffar kofi mai siririn gindi, samanta a kumbure da majina. Rinin da aka saba amfani da shi ba ya kama majina, don haka sai a gan su farare fes, kamar ɗigo-ɗigon da babu komai a ciki. Idan ana son tabbatarwa akwai rini na musamman da ke mai da su shuɗi ko jan garura. A farkon ƙaramin hanji jefi-jefi ake ganinsu, ɗaya nan ɗaya can tsakanin ƙwayoyin tsotsar abinci. Suna ƙaruwa yayin da ake gangarawa. A babban hanji kuwa bangon ramukan nan cike yake da su, har wani ramin sai ka rantse ba shi da wata ƙwaya sai su.

Majinar da suke fitarwa ma ba tsari ɗaya take da shi ba. A ƙaramin hanji shimfiɗa ɗaya ce mai sako-sako, wadda narkakken abinci ke ratsawa cikin sauƙi. Don kada bakteriya su samu dama, a can ƙasan ramukansa akwai ƙwayoyin Paneth, masu jajayen ɗigo a cikinsu, da ke fesa sinadarin kashe ƙwayoyin cuta. A babban hanji majinar hawa biyu ce. Ta sama sako-sako ce, a ciki bakteriya masu amfani ke zaune suna ci. Ta ƙasa mai kauri ce, a manne take da bango, kuma a lafiyayyen mutum kusan babu bakteriya a cikinta. A ganina wannan shi ne abu mafi ban sha'awa a hanji gaba ɗaya: tsakanin jinin mutum da tarin ƙwayoyin da ke cikin kashinsa, majina ce da jeri ɗaya na ƙwayoyin halitta suka tsaya.

Sai dai gilashi yana iya ruɗin mai duba. Idan cuta ta cinye bilai, ƙaramin hanji kan koma sumul ya yi kama da babba. Haka ke faruwa a cutar rashin jituwa da alkama, haka kuma ake yawan ganin bilai sun gajarce a jikin yaran da ke ta fama da gudawa da gurɓataccen ruwa. Ɗalibar da ta ga babu tsiro ta yi saurin cewa babban hanji ne, ta faɗi. Sai ta duba yawan ƙwayoyin majina, ta duba ko akwai ƙwayoyin Paneth jere a ƙasan kowane rami, domin a babban hanji ba a cika samunsu ba sai 'yan kaɗan a farkonsa. Wani lokacin kuma matsalar daga yanka ce. In wuƙa ta bi a karkace, bilai kan fito kamar tsibirai zagaye da fili, ramuka kuma su fito kamar zobba masu huji a tsakiya. Tsibiri ƙwayoyinsa na kallon waje, zobe nasa na kallon ciki.

Wannan bambanci yana bayyana har a ɗakin jinya. Jariri ɗan wata 9 da ya kamu da rotabairos, ƙwayar cutar tana lalata ƙwayoyin da ke saman bilai ne. Tsotsa ta ragu, ruwa mai yawa ya kwararo wa babban hanji fiye da ƙarfinsa, sai ka ga zawo tsululu, mai yawa, babu jini. Haɗarin a nan shi ne ƙarewar ruwan jiki. Ruwan gishiri da sukari yana aiki ne saboda ƙwayoyin da suka tsira suna shigar da gishiri tare da sukari, ruwa kuma ya bi su. Sababbin ƙwayoyin da ke tasowa daga ramuka suna buƙatar kwanaki kafin su ƙware, kuma abinci ne ke taimaka musu, shi ya sa ba a dakatar da nono.

Atuni kuwa ciwon babban hanji ne. Amiba ko wasu bakteriya sun keta majinar nan ta ƙasa sun yi wa bango gyambo. Ƙwayoyin gobilet sai su juye abin da ke cikinsu gaba ɗaya, gyambon kuma ya zubar da jini. Mutum zai ta zarya ban ɗaki, yana yunƙuri, amma abin da ke fita kaɗan ne, majina da jini. Idan ma'aikaciyar jinya ta tambayi uwa, "Baiwar Allah, ruwa yake yi ko da majina? Kin ga jini?" tana neman sanin wanne daga cikin hanjin biyu ne ya kamu. Mai zawon ruwa abin da ya fi buƙata shi ne a mayar masa da ruwan da ya rasa. Mai jini a bayan gida kuwa, ban da ruwan, yana buƙatar likita ya duba shi ya ba shi maganin da ya dace da ƙwayar da ta shiga bangon.