Inda Lacin NOR Ke Rikicewa

Ƙofofin NOR biyu ne, fitar kowacce na komawa cikin ɗayar. Wannan shi ne lacin SR.

Ɗalibi zai ja layukan S da R a sama, na Q da Q̄ a ƙasa. S ta hau 1, Q ta bi ta. S ta sauko, Q ta tsaya cak, domin lacin ya riƙe. R ce ke mayar da ita 0.

Tarkon yana S=R=1. A nan Q da Q̄ dukansu 0 ne, amma ɗalibai da yawa kan zana su kishiyar juna. Idan S da R suka sauko tare, ƙofar da ta fi sauri ce ke nasara, don haka sai a yi wa wurin zane-zane, alamar ba tabbas. In R ta fara saukowa kuwa, Q ta zama 1.