Kadada Arba'in, Buhun Taki 95: Amfanin Ɗan Ƙamus a Doguwar Wasiƙar Imel

Duk wanda ya taɓa zama sakataren ƙungiyar manoma ko ta 'yan kasuwa ya san yadda saƙon imel guda ke hayayyafa. Ofishin da ke ba da tallafi ya rubuto da Turanci, sakatare ya mayar da Hausa don shugabanni su ji, su ba da amsa, ya sake juya ta zuwa Turanci. Kafin a yi girbi, saƙonni sun kai sittin, mutum bakwai ko takwas sun sa hannu a ciki. A nan ne kalma ɗaya ke fara sauya ma'ana ba tare da kowa ya lura ba, kuma galibi kalmar awo ce ko ta kuɗi.

A ɗauki misalin wata ƙungiyar manoman shinkafa a yankin Kura ta Jihar Kano, wadda ke musayar saƙonni da wani ofishi a Abuja. Shugaban ƙungiya ya ce mambobinsa za su noma kadada 40. Shi eka yake nufi, domin da ita suka saba lissafin gona. Mai fassarar farko ya rubuta `acres`, daidai. Bayan mako uku ya yi tafiya, wani ya karɓi aikin, shi kuma ya saba jin kadada a rediyo da ma'anar hekta, sai ya rubuta `hectares`. Babu wanda ya yi ƙarya, domin Hausawa na amfani da kalmar ta hanyoyin biyu.

To amma ƙasa ba ta san wannan uzuri ba. Hekta ɗaya murabba'in mita 10,000 ce, eka kuwa kimanin 4,047, wato hekta ta kusa eka biyu da rabi. Idan ofishin ya tsara buhun taki huɗu ga kowace hekta, zai lissafa buhu 160. Gonar gaskiya kuwa ba ta wuce hekta 16 da ɗoriya ba, wadda rabonta buhu 65 ne. Rarar buhu 95 ke nan. In takin bashi ne, manoma sun ɗauki nauyin da ba su nema ba, in kuma masu binciken kuɗi suka zo auna gona, ƙungiyar ce za a yi wa kallon mai aringizo.

Maganin da masu fassara suka daɗe da sani ba shi da tsada: ɗan ƙamus na wannan aikin kaɗai, wanda bai wuce shafi guda ba. Ba ya maye gurbin manyan ƙamusai irin na Bargery na 1934 ko wanda Jami'ar Bayero ta wallafa a 2006. Su aikinsu su jero duk ma'anonin kalma. Shi kuwa aikinsa ya zaɓi ma'ana ɗaya, ya ce a kanta za a tsaya har a rufe magana.

Kowane layi yana ɗauke da abu huɗu: kalmar Hausa, takwararta kamar yadda za a buga ta da Turanci, ma'anarta a jimla ɗaya tare da adadi in akwai, sai kalmomin da aka jingine. Na ƙungiyar Kura zai iya farawa haka:

- Hekta, `hectare`: murabba'in mita 10,000. Ba a rubuta kadada.
- Buhun taki, `bag of fertiliser`: kilo 50. Ba a rubuta buhu kawai.
- Shanshera, `paddy`: shinkafar da ba a sheme ba. Ba a rubuta shinkafa kawai.
- Rance, `loan`: abin da za a biya bayan girbi. Ba a rubuta tallafi.
- Tallafi, `grant`: abin da ba za a mayar ba.

Kashi na huɗun nan shi ne ya fi aiki, kuma shi aka fi mantawa. Tun a makaranta ake koya wa ɗalibi cewa maimaita kalma rauni ne, don haka mai rubutu mai son burgewa zai ce rance a sakin layi na farko, lamuni a na biyu, bashi a na uku, taimako a na huɗu. Mai karatu a ɗaya ɓangaren sai ya zaci abubuwa huɗu ake magana a kai. Mafi muni, manomin da aka karanta wa "tallafi" ya riga ya sa a ransa kyauta ce, ranar biya kuwa sai an kai ruwa rana.

Ba kowace kalma ke shiga ba. Wadda ta cancanta ita ce wadda ke yawan dawowa, kuma kuskure a kanta zai jawo asarar kuɗi, ɓata lokaci ko rigima: awo, nau'in kuɗi, sunayen muƙamai da na takardu. Kalma goma zuwa ashirin sun isa. Da zarar jerin ya yi tsawon da sai an zauna nazarinsa, mutane za su daina buɗe shi. Idan hulɗar ta tsallaka iyaka zuwa Maraɗi ko Damagaram, kalmomin kuɗi su ne kan gaba, domin jaka a bakin ɗan Kano naira 200 ce, jika a bakin ɗan Nijar kuwa sefa 1,000.

Sai batun inda za a ajiye shi. Liƙa shi a ƙasan saƙon farko kawai ba ya wadatarwa. Gmail na ɓoye tsohon rubutu a bayan ɗigo uku, kuma yana raba jerin saƙonni gida biyu idan an sauya taken saƙo ko adadinsu ya haura 100. Wanda aka sa cikin magana daga baya zai iya rasa ganin ƙamusun. Ya fi kyau ya zama takarda guda mai kwanan wata a samanta, a hannun mutum ɗaya, galibi sakatare ko mai fassara, wanda zai sake turo ta duk lokacin da aka ƙara kalma ko sabon mutum ya shigo. Idan kowa na iya gyarawa, nan da nan za a samu ƙamus uku masu saɓa wa juna.

Akwai wani ƙaramin tarko na rubutun Hausa. Wani yana buga "ƙungiya" da lanƙwasa, wani wayarsa ba ta da harafin sai ya buga "kungiya". Akwatin bincike kan ɗauke su kalmomi biyu daban, sai mai neman tsohon saƙo ya samu rabi ya rasa rabi. Layi ɗaya a saman ƙamus, mai cewa da lanƙwasa za a rubuta ko babu, ya kashe wannan.

Alamun cewa kalma ta zame a bayyane suke. Ana maimaita tambayar da aka riga aka amsa, ko lissafin ɓangarorin biyu ya riƙa bambanta da ninki iri ɗaya. A harkar gona, in adadi ɗaya ya ninka ɗaya sau biyu da rabi, a fara duba eka da hekta kafin a zargi kowa. Gyaran kuma a fili ake yin sa, da harsunan biyu: "Ranka ya daɗe, kadada 40 da muka ambata a baya eka muke nufi, wato kimanin hekta 16. Daga yau hekta za mu riƙa rubutawa." Sauya kalma a ɓoye ba ya gyara tsofaffin saƙonnin da ke akwatin kowa.

Ƙamusun yana da iyakarsa. Ba yarjejeniya ba ne, kuma idan ya saɓa da takardar da aka sa wa hannu, takardar ce ke da ƙarfi, shi ya sa ake ɗauko kalmominsa daga cikinta tun farko. Haka kuma ba a kammala shi sai ɗaya ɓangaren ya amsa a rubuce cewa ya amince. Sakataren da ke shirin buɗe sabuwar hulɗa a daminar bana ya tura jerin nasa tare da saƙon farko, ya jira wannan amsa kafin ya rubuta adadin gona ko na buhu.