Gwaggo Na Son Babban Gado, Ɗakin Ƙafa 12 Ne

An ɗaura aure, saura wata guda a tare. A al'adarmu miji ne ke samar da gida, iyayen amarya kuma su yi kayan ɗaki, shi ya sa ranar da za a je wurin kafinta kowace 'yar uwa ke ganin tana da ta cewa. Mu ɗauki misalin wata amarya a Kano, wadda angonta ya kama mata ciki da falo na haya.

Da la'asar aka zauna a tsakar gida. Gwaggo ce ta fara. "Gado mai ƙafa 6 da 7 za a yi mata, da durowa hagu da dama. Kada dangin miji su shigo su ce mun gaza."

Yayar amarya ta miƙo waya, tana nuna farin saiti mai sheƙi da ta gani a ɗakin ƙawarta. Kaka kuwa maganarta ɗaya ce: a zamaninsu kwalla da tasoshin da aka jera ne mutuncin ɗaki, don haka kada a manta da wurin jere.

Amarya ta sunkuyar da kai ta ce, "Gwaggo, ku yi haƙuri, a ba ni izini mu je da Yaya mu auno ɗakin tukuna."

A ganina nan ta yi hankali, domin awo ya raba gardamar ba tare da ta musa wa babba ba. Uwar ɗakan ta kasance ƙafa 12 kowane ɓangare. Katifa mai faɗin ƙafa 6, idan aka haɗa da katakon gadon, za ta ci kusan 6 da rabi. Durowa biyu na gefe, kowace ƙafa 1 da rabi, sun kai lissafin 9 da rabi. Wadrof kuma zurfinsa ƙafa 2 ne, domin rigar da aka rataye ta zauna ba a matse ba. An tashi 11 da rabi ke nan. Rabin ƙafar da ya rage ba zai bari ƙofar wadrof ta buɗe ba, balle a sami inda za a shimfiɗa sallaya. Da ta lissafa da gado mai faɗin ƙafa 5 da durowa guda, sai aka sami ƙafa 3 na wucewa.

Ta kuma auna ƙofar falo da lungun da ake bi daga zaure. Wannan ne mutane suka fi mantawa. Kujera mai cin mutum uku ba a kwance ta, yadda kafinta ya haɗa ta haka za ta shiga. Sau da yawa 'yan jere kan iso da mota cike, kujera ta ƙi juyawa a lungu, a koma cire ƙyaure ko a bar ta a waje rana na dukanta.

A wurin kafinta, farin saitin da Yaya ke so ya fito da tasa matsalar. Yawancin irinsa da allon emdiyef ake yi, wato garin katako da aka matse da gam aka lulluɓe fuskarsa. Yana da kyan gani, kuma ya fi katako na gaske araha, amma ba ya shiri da ruwa. Ɗakin da ake gogewa kullum da jiƙaƙƙen tsumma, gindin wadrof ne zai fara kumbura yana ɓarewa. Kusa mai zare ma, in aka kwance ta aka mayar, ba ta ƙara kamawa kamar da, mai gidan haya kuwa ba ya rasa tashi. Gane shi ba wuya: a leƙa bayan kayan inda ba a lulluɓe ba. Katako na gaske yana da jijiya a jere, shi kuwa allon sumul yake kamar dunƙulen gari.

Katakon ma sai an kula. Madaci yana da ƙarko, amma in ɗanye aka yi aiki da shi, hunturu na shigowa zai tsage, ƙofofi su karkace. Amarya ta sa Yaya ta tambayi kafinta ko katakon ya bushe, ya kai su suka gani da ido.

Da suka dawo, ta ba mahaifiyarta takardar awon, ita kuma ta kai wa Gwaggo. Gwaggo ta duba ta ce, "To, Allah ya sa albarka. Amma labule ni zan zaɓa." Aka bar mata, aka dai gaya mata faɗin tagar ƙafa 4 ne, yadin da za ta yanko a Kantin Kwari ya ninka haka sau biyu don ya yi tattara. Kaka ta sami ƙaramin shogilas a falo. An yi gado da katako, aka ɗora wadrof ɗin allo a kan ƙafafu don ya rabu da ƙasa, rarar kuɗin kuma aka ƙara a katifa mai kauri.

Iyaye da 'yan uwa, kafin ku ba kafinta kafin alƙalami, ku tura a auno ɗakin da ƙofarsa, ku kuma tambayi yarinyar da za ta zauna a ciki abin da take so.